Sunan da ke kan allo da sunan da ke kan rasit: yadda za ka gano mai reshe

Wani abokina sana'arsa gyaran firiji da ɗakunan sanyi. Manajan wani reshe na ɗaya daga cikin manyan gidajen abincin nan masu rassa a ƙasashe da yawa ya kira shi sau uku cikin wata biyu, ya zo ya yi aiki, ya rubuta takardun neman biya uku da sunan da ke kan allon ƙofa. Da kuɗi suka ƙi fitowa, sai ya tattara takardun ya aika babban ofishin kamfanin. Ya yi mako shida yana jira. Amsar da ta zo layi uku ce: kamfanin bai taɓa ba shi aiki ba, reshen na wani ne daban, ya je ya nemi mai shi. Ba su ma gaya masa ko wane ne ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, yana ganin zille masa suka yi. Na ji ciwon mako shidan nan da ya ɓata, amma gaskiya suka gaya masa. Allon nasu ne, kayan ma'aikatan nasu ne, girkin nasu ne, amma shagon ba nasu ba ne. Da ya san haka tun ranar farko, da takardarsa ta tafi inda ya kamata.

Abin da ke tsakanin mai suna da mai reshe

Tsarin da ake kira farancayis hayar suna ne. Mai tambari, wato uwar kamfani, ta mallaki suna da alama da tsarin aiki: yadda za a shirya kaya, irin fentin bango, irin tufafin ma'aikata, har kalaman da za a tarbi mai saye da su. Sai wani ɗan kasuwa ya zo da jarinsa, ya yi rajistar kamfaninsa na kansa, ya sa hannu a yarjejeniya ta wasu shekaru, a ba shi izinin buɗe shago da wannan suna. Shi zai ɗauki ma'aikata, shi zai biya albashi da haraji da kuɗin wuta, shi zai kira mai gyara idan inji ya tsaya. Riba tasa ce, asara ma tasa ce. A idon doka kamfanoni biyu ne daban, kowanne da rajistarsa da asusunsa da bashinsa. Igiyar da ta haɗa su kwangila ce kawai.

Dubi yadda kuɗi ke tafiya, nan ne abin yake fitowa fili. Mai reshe yana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, sannan kowane wata yana ba uwar kamfani wani kaso na cinikinsa, da wani kason na asusun talla. A ce yarjejeniya ta sa kashi 5 na hayar suna da kashi 4 na talla. A kowane ciniki na 100, guda 9 sun tafi tun kafin a cire kuɗin kaya, albashi ko haya. Daga ciniki ake cirewa, ba daga riba ba, don haka ko reshen yana faɗuwa uwar kamfani tana samun nata. McDonald's, alal misali, ta daɗe tana karɓar kashi 4 a Amurka, ta mayar da shi kashi 5 ga sababbin rassa daga farkon 2024, kuma yarjejeniyarta ta yau da kullum shekara 20 ce. Ita tana da wani ƙari: a wurare da yawa ita ce mai filin ko mai riƙe da hayarsa, sai ta sake ba mai reshe haya.

Kada ka ɗauka wannan tsari ne na 'yan tsirarun rassa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na gidajen McDonald's a duniya na masu hayar suna ne. A kamfanin Yum! Brands, mai KFC da Pizza Hut da Taco Bell, adadin ya kai kusan kashi 98. Starbucks ta ɗan bambanta: kusan rabin shagunanta ita ke gudanar da su da kanta, sauran kuma wasu ne ke riƙe da su da lasisi. Ma'ana, shaguna biyu masu allo iri ɗaya a titi ɗaya, ɗaya na iya zama na uwar kamfani, ɗayan na wani mutum. Da ido ba za ka bambance su ba, don an tsara abin ne musamman don kada a bambance.

Uwar kamfani tana da iko a kan abin da ya shafi sunanta. Tana aiko masu duba tsabta da inganci, tana tilasta sayen kaya daga dillalan da ta amince da su, tana iya rubuta wa mai reshe takardar gargaɗi, idan ya ƙi gyarawa ta soke yarjejeniyar ta sauke allonta. Abin da take gudu shi ne sa hannu a harkar ma'aikata ta yau da kullum, wato wa za a ɗauka, wa za a kora, nawa za a biya, domin idan ta shiga nan kotu na iya ɗora mata alhaki tare da mai reshen. A 2014 Kotun Ƙolin jihar California ta yanke hukunci a wata ƙara da wata ma'aikaciyar reshen Domino's ta shigar, ta ce uwar kamfani ba ta da alhakin abin da shugaban ma'aikaciyar ya yi mata, saboda ba ita ke riƙe da ragamar ɗauka da kora da ladabtarwa a reshen ba. Hukuncin wata kotun a wata ƙasa na iya bambanta, kuma abin da ake dubawa kullum shi ne iyakar ikon da uwar kamfani ta yi amfani da shi a zahiri. Amma mafarin lissafi a ko'ina shi ne: wanda ya ɗauke ka aiki, ko ya sayar maka, ko ya ba ka kwangila, shi ne abokin hulɗarka.

Wannan ne ya sa za ka ga talla ta ce rangwame "a rassan da suka shiga shirin" kawai, kuma shi ya sa farashi ke bambanta tsakanin reshe da reshe. A ƙasashe da dama dokar gasar kasuwanci ta yarda uwar kamfani ta ba da shawarar farashi, amma ta hana ta ƙayyade wa mai reshe mafi ƙarancin abin da zai sayar.

Ba kullum hawa biyu ba ne

Mutane kan zaci mai reshe wani mutum ne guda mai shago ɗaya. Akwai irinsa, amma da yawa manyan kamfanoni ne. Flynn Group a Amurka tana riƙe da rassa sama da dubu biyu na sunaye daban-daban. A wajen ƙasar da suna ya fito kuwa, galibi akwai babban mai riƙe da izini na yanki gaba ɗaya: Arcos Dorados ke gudanar da McDonald's a mafi yawan Latin Amurka, Jubilant FoodWorks ke da Domino's a Indiya, Alshaya ke riƙe da Starbucks a Gabas ta Tsakiya. Irin wannan babban mai izini na iya gudanar da rassan da kansa, ko kuma shi ma ya sake ba wasu ƙananan 'yan kasuwa haya. Nan hawa ya zama uku. A filayen jirgin sama da tashoshin jirgin ƙasa, sau da yawa kamfanin kwangila ɗaya irin SSP ko HMSHost ne ke bayan shaguna masu alluna daban-daban, ma'aikatan duka nasa ne.

Otal-otal sun fi ko'ina rikitarwa. Marriott da Hilton kaɗan ne ƙwarai daga cikin otal-otal masu sunansu suka mallaka. Ginin na wani mai jari ne, kamfanin da ke gudanar da shi na iya zama na biyu, mai sunan na uku. Gidajen mai da wuraren sayar da motoci ma kusan haka suke, alamar ta babban kamfani, harkar ta dillali.

Saboda haka kafin ka fara bincike, tsaya ka tambayi kanka wane "mai shi" kake nema. Mai ginin? Mai kamfanin da ke ciniki a ciki? Mutumin da ya mallaki hannun jarin wannan kamfanin? Idan bashi kake bi, ko albashi, ko mayar da kuɗi, ko diyyar rauni, abin da kake buƙata shi ne cikakken sunan kamfanin da ke ciniki a wurin a ranar da abin ya faru, da lambar rajistarsa, da adireshinsa na rajista. Riƙe maganar "a ranar da abin ya faru", za mu dawo kanta.

Fara da takardar da ke hannunka

Mataki na farko rasit ne. Da na gaya wa abokina haka, ya koma reshen ya sayi abu mafi araha ya karɓi rasit. A sama tambarin da kowa ya sani ne da manyan haruffa. A can ƙasa, bayan jimlar kuɗi da "mun gode", akwai layi biyu da ƙananan haruffa: sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba, da lambar haraji. Wannan layin shi ne abin nema. Kalmomin da za ka sa wa ido su ne `operated by`, `owned and operated by`, `trading as` ko gajarcensa `t/a`, da `d/b/a` a takardun Amurka. Duk suna faɗin abu ɗaya ne: kamfani kaza yana ciniki da suna kaza. Sunan da ya ƙare da `Ltd`, `LLC`, `Inc`, `SARL` ko `GmbH` shi ne na doka.

Rubuta sunan harafi da harafi. Masu rassa da yawa kan buɗe kamfani daban ga kowane shago, sunayen kusan ɗaya, sai lamba ko sunan titi ya bambanta su. Idan ka kuskure lamba ɗaya, ka kai ƙarar kamfanin da bai san ka ba.

Idan da kati ka biya, kana da shaida biyu ƙari: 'yar takardar da na'urar kati ta fitar, da sunan da ya bayyana a bayanin asusunka na banki. Wani lokaci sunan kamfanin mai reshe ne ke fitowa tsaf. Wani lokaci kuma sunan tambarin ne da lambar shago kawai. Ko wannan ma ka adana, domin da lambar shagon uwar kamfani ke gane kowane reshe a littafinta. Ma'aikaci ya fi kowa sauƙi: takardar ɗaukar aiki, takardar albashi, da sunan asusun da albashi ke fitowa daga ciki sun riga sun gaya masa wanda yake yi wa aiki.

Mataki na biyu, ɗaga kai ka karanta bango. Kusa da ƙofa, bayan kanta, ko a hanyar shiga ofishin manaja, yawanci akwai takardu a cikin firam: lasisin kasuwanci, takardar duba tsabta, shaidar hukumar kashe gobara, takardar inshora, rajistar haraji. Hukuma ba ta ba tambari lasisi, mutum ko kamfani take ba. Don haka sunan da ke kan waɗannan takardun na mai gudanar da wurin ne. A Birtaniya doka ce ma ta wajabta wa kamfani ya nuna sunansa na rajista a wurin kasuwancinsa da kan rasit da takardun neman biya. A otal, duba ƙaramin allon da ke kusa da teburin karɓar baƙi, da ƙasan takardar lissafin da za a ba ka ranar fita. Lura da kwanan watan kowace takarda. Tsohon lasisi na iya zama a bango shekara guda bayan an sayar da shagon.

Mataki na uku, yi tambaya, amma ka iya yin ta. Idan ka ce wa mai kanta "wa ke da wurin nan?", zai nuna maka allo ko ya kira manaja, shi kuma manaja ma'aikaci ne, ba lallai ya taɓa ganin takardun kamfanin ba. Tambayar da ke aiki ita ce: "Idan zan rubuta takardar neman biya, da sunan wane kamfani zan rubuta?" ko "Ina son rasit na haraji mai cikakken sunan kamfani." Wannan tambaya ce ta yau da kullum, ba ta tayar da hankalin kowa, kuma amsarta tana cikin na'urarsu. Ga duk mai sana'ar da ke yi wa irin waɗannan wurare aiki, ni a ganina wannan tambayar a yi ta kafin a kwance ko ƙusa ɗaya.

Kai sunan wurin rajista

Suna a kan rasit alama ce, ba tabbaci ba. Tabbaci yana wurin hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasar da reshen yake. A Birtaniya Companies House ce, binciken kyauta ne. A Amurka kowace jiha da nata, galibi a ofishin sakataren jiha. A Indiya ma'aikatar harkokin kamfanoni ce, a Najeriya CAC, a ƙasashen Afirka da ke bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA kuma rajistar RCCM. Shafin OpenCorporates yana tattaro bayanai daga rajistoci da yawa wuri ɗaya, yana da amfani idan ba ka san inda aka yi wa kamfanin rajista ba, amma ka koma ka tabbatar a shafin hukumar kanta, don nasa na iya zama tsohon bayani.

Bincika da lamba idan kana da ita, ta fi suna aminci. Idan lambar haraji kawai ke gare ka, ita ma hanya ce: tsarin VIES na Tarayyar Turai yana tabbatar da lambar VAT, kuma ga yawancin ƙasashen yana nuna suna da adireshi, Indiya ma tana da irin wannan bincike na lambar GSTIN.

Da shafin kamfanin ya buɗe, abu huɗu za ka duba. Na farko matsayinsa: yana raye, ana shirin soke shi, ko yana hannun masu karkasa dukiya? Idan kana bin bashi wannan ya fi komai gaggawa, domin kamfanin da ake rushewa akwai wa'adin da masu bin bashi za su gabatar da kansu. Na biyu ranar rajista. Na uku daraktoci da ranakun naɗa su ko saukarsu. Na huɗu masu hannun jari, inda rajistar ke nuna su. Birtaniya tun 2016 tana wajabta bayyana duk wanda ke riƙe da sama da kashi 25 na hannun jari ko na ƙuri'a. Wasu wuraren kuwa ba za ka ga komai ba: rajistar jihar Delaware ta Amurka ba ta nuna masu kamfani, sai wakilin da ke karɓar takardun kotu a madadinsa. Idan mai hannun jarin wani kamfani ne, sai ka buɗe nasa shafin, ka bi sama hawa-hawa har ka iske sunan mutane ko ka iske bango.

Adireshin rajista sau da yawa ofishin akanta ne ko na lauya. Kada wannan ya dame ka. Shi ne adireshin da doka ta sani, takardar da ka aika can ta isa ga kamfanin a hukumance. Kuma a nan ya kamata bincike ya tsaya. Ko da ka ga sunan darakta, hulɗarka da kamfani ce. Bashin kamfani mai iyakantaccen alhaki ba bashin darakta ba ne sai in ya tsaya masa da kansa a rubuce, kuma neman gidan mutum ko zuwa masa ƙofa na iya mayar da mai gaskiya mai laifi.

Inda lamarin abokina ya karkace

Mun sa sunan da ke ƙasan rasit a rajista. Kamfanin yana raye, darakta ɗaya, komai daidai. Sai idona ya kai kan ranar rajista: wata biyar kacal da kafa shi, alhali reshen ya shekara da shekaru a wurin. Kamfani ɗan wata biyar ba zai zama shi ya buɗe tsohon shago ba. Wannan babbar alama ce cewa an sayar da reshen kwanan nan.

Abokina ya koma cikin wayarsa. A ziyararsa ta farko ya ɗauki hoton allon wutar ɗakin sanyi, kuma a gefen hoton an ga rabin takardar duba tsabta da ke manne a bango. Da muka faɗaɗa hoton, sunan wani kamfani ne daban. Muka bincika shi: shekara tara da rajista, daraktoci biyu, yana raye, amma ya sauya adireshi kwanan nan. Sai ya tambayi manajan kai tsaye, shi kuma bai ɓoye ba, ya ce sabon mai gida ya karɓi wurin a farkon watan da aka yi aiki na uku. Ma'aikatan ba su canza ba, allon bai canza ba, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaya wa mai gyara.

A nan sai an gane wane irin ciniki aka yi, domin hanya biyu ake sayar da reshe. Ko dai a sayar da hannun jarin kamfanin da ke riƙe da shi, ko a sayar da kadarorin: injuna, haya, da izinin amfani da suna. Idan hannun jari aka sayar, kamfanin yana nan yadda yake, lambar rajistarsa ba ta canza ba, daraktoci ne kawai za ka ga sun sauya a rana ɗaya, kuma bashinsa yana wuyansa ko wa ya saye shi. Idan kadarori aka sayar, sabon kamfani ne da sabuwar lamba, kuma a bisa ƙa'ida tsofaffin basussuka suna tare da tsohon kamfani, sai in yarjejeniyar cinikin ta ce mai saye ya ɗauka. Haƙƙin ma'aikata kan fita daga wannan ƙa'idar: a Birtaniya da Tarayyar Turai doka tana mayar da kwangilar ma'aikaci kan sabon mai shi. Amma mai gyara ko mai kawo kaya ba shi da wannan kariyar.

Lambobin rajista biyu daban suka nuna mana cinikin kadarori ne. Don haka takardun abokina uku na wurare biyu ne: aiki na ɗaya da na biyu na tsohon kamfani, na uku na sabo. Ya sake rubuta su, kowacce da cikakken suna da lamba, da ranar aiki, da sa hannun manajan a takardar kammala aiki. Sabon kamfanin ya biya cikin kwana goma, don ba ya son ɓata da mutumin da ya san ɗakin sanyinsa. Tsohon ya ɗauki lokaci, sai da wasiƙa ta biyu mai wa'adi ta je adireshinsa na rajista.

Idan rasit da bango ba su ce komai ba

Yana faruwa. To sai ka bi ta sama. Fara da jerin rassa a shafin uwar kamfani, ka tabbatar wannan adireshin yana ciki. Idan ba ya ciki, ko dai sabo ne ƙwarai, ko an soke izininsa bai sauke allo ba, ko kuma tun asali kwaikwayo ne. Alamun wanda aka soke wa izini su ne manhajar kamfanin ba ta karɓar oda daga wurin, katin rangwame ba ya aiki, kofuna da ledoji sun koma marasa tambari.

Sannan ka rubuta wa sashen kula da masu saye na uwar kamfani tambaya ɗaya tak: reshe mai lamba kaza a adireshi kaza, naku ne ko na mai hayar suna, kuma mene ne sunan kamfanin da ke gudanar da shi a rana kaza? Kada ka haɗa da labarin ƙorafinka, don da zarar sun ga ƙorafi za su tura shi ga reshen su rufe fayil. Gajeriyar tambaya ta fi samun amsa. Dubi kuma ƙasan shafin kamfanin na ƙasar da kake, da shafin sharuɗɗa da na sirrin bayanai. Can ne babban mai izinin yanki ke rubuta sunansa. Tallan neman ma'aikata ma kan tona, domin sau da yawa akwai layin da ke cewa mai ɗaukar aikin ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, a ambaci sunansa.

Ga rassan da ke Amurka akwai wata hanya mai kyau. Dokar hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, wadda ta fara aiki a 1979 aka sabunta ta a 2007, ta wajabta wa duk mai ba da hayar suna ya miƙa wa mai son shiga wata takarda da ake kira FDD, aƙalla kwana 14 kafin sa hannu ko biyan kuɗi. Sassa 23 gare ta, kuma sashe na 20 yana ɗauke da yawan rassan kamfani da na masu haya, da jerin sunayen masu hayar da adireshin shagunansu. Jihohi irin su Wisconsin da Minnesota da California suna ajiye waɗannan takardu a shafukan da kowa zai iya buɗewa. Jerin na ƙarshen shekarar kuɗi da ta wuce ne, don haka cinikin da aka yi bayan nan ba zai fito ba.

Kada ka amince da shaida ɗaya. Ni ba na cewa na gano mai reshe sai suna ɗaya ya fito a wuri biyu da ba su dogara da juna ba, misali rasit da lasisin bango, ko bayanin banki da amsar uwar kamfani, kuma rajista ta nuna kamfanin yana raye a ranar da nake magana a kai.

Wa za ka rubuta wa

Kuɗin da aka cire maka sau biyu a kanta, albashin da aka riƙe, takardar biya da ba a biya ba, zamewa a daɓe mai santsi: duk na mai reshe ne, ko kamfanin inshorarsa. Talla ta ƙasa baki ɗaya, manhajar waya, makin rangwame, da kayan da suka zo da lahani tun daga masana'anta sun fi karkata ga uwar kamfani ko babban mai izinin yanki. Oda ta manhaja tana da tarko: karanta saƙon tabbatar da oda ka ga wa aka ambata a matsayin mai sayarwa, domin manhajar ta uwar kamfani ce amma cinikin sau da yawa na reshe ne.

Wasiƙarka ta tafi da sunan kamfanin mai reshe, zuwa adireshinsa na rajista, da lambar shagon, da ranar, da kwafin rasit, da abin da kake so a yi da kuma ranar da kake jiran amsa. Sai ka aika wa uwar kamfani kwafi, ka rubuta a ƙasan wasiƙar cewa ka aika. Ba za ta biya ka ba, amma ƙorafin zai shiga fayil ɗin wannan reshen, kuma fayil ɗin ne take buɗewa idan mai reshen ya zo neman sabunta yarjejeniya ko izinin buɗe shago na biyu.